Rubutun Dare, Bayanin Safe: Yadda Nas Ke Miƙa Majinyaci da Tsarin SBAR

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibiti ya san lokacin nan na safe da ake cewa masu jinya su ɗan fita waje, nas-nas su taru da littafin rahoto a hannu suna bin gadaje ɗaya bayan ɗaya. Masu aikin dare ne ke miƙa majinyata ga masu aikin safe. Wadda za ta tafi gida ta kwana ido biyu, ta ga abubuwa da yawa, ta rubuta abubuwa da yawa. Wadda ta shigo ba ta ga komai ba, kuma daga wannan lokaci ran majinyacin yana wuyanta. Idan ɗakin na da gado ashirin ko talatin, abin da kowane majinyaci zai samu bai wuce minti ɗaya ko biyu ba.

Matsalar ita ce, rubutun da nas ke yi cikin dare agogo yake bi. Abin da ya faru ƙarfe goma shi ne a sama, na asuba shi ne a ƙasa, babba da ƙarami duk a haɗe: canjin zanin gado na kusa da faɗuwar awon jini, kowanne da layinsa guda. Haka ya kamata rubutun ya kasance, domin shaida ce ta abin da aka gani da lokacin da aka gan shi. Amma mai karɓar aiki ba tarihin dare take nema ba. Tana so ta san wane hali mutumin yake ciki yanzu, me ya kai shi nan, me abokiyar aikinta take tsammani, kuma me za ta fara yi. Tsarin da ake kira SBAR an yi shi ne domin a juya rubutu irin na farko ya koma bayani irin na biyu.

Haruffan huɗu farkon kalmomi huɗu ne na Turanci. S halin da ake ciki yanzu. B bayanin baya da ya shafi wannan hali. A nazarin mai magana, wato abin da take ganin yana faruwa. R abin da take nema a yi. Ba a asibiti aka fara shi ba. Sojojin ruwan Amurka masu aiki a jiragen ƙarƙashin teku na nukiliya ne ke da irin wannan salon ba da rahoto, inda ƙaramin jami'i zai gaya wa babba matsala a taƙaice ba tare da kewaye-kewaye ba. A wajajen 2002 Michael Leonard da Doug Bonacum da Suzanne Graham na ƙungiyar asibitocin Kaiser Permanente suka shigo da shi harkar lafiya, kuma a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambace shi a cikin shawarwarinta kan yadda za a riƙa miƙa majinyata. A Faransa akwai takwaransa mai suna SAED, matakansa huɗu su ma.

Haddace haruffan ba wuya. Wuyar tana wajen tsamo su daga cikin rubutun da aka yi a gaggauce, don haka bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Misali ne kawai, ba labarin wani takamaiman mutum ba, kuma da Hausa na kawo shi ko da yake a asibitocin Nijeriya da Turanci ake rubutawa. Mutum ne mai shekara 42, nauyinsa kilo 60, zazzaɓin taifod ya huda masa hanji, an yi masa tiyata an ɗinke, yau kwana huɗu. Ga abin da nas ɗin dare ta rubuta:

“10:00 na dare. Yana kwance, ya ce ciwon da sauƙi. Zafin jiki 37.6, bugun zuciya 92, awon jini 122 bisa 78, numfashi 18, iskar oksijin 97. An zubar da ledar fitsari da ta ruwan ciki. An ba shi filajil ta jijiya. Seftiriyazon ba a kawo ba, ’yan uwa sun ce sai da safe. 11:30, an canza zanin gado, ya koka da sauro. 1:00, kanula ta toshe, ruwa ya tsaya, an gwada sau biyu jijiya ba ta samu ba. 2:00, zafi 38.1, bugu 104, jini 110 bisa 70, numfashi 22, oksijin 96. An shafa masa ruwa. An kira likita, yana ɗakin tiyata. 3:30, ƙanensa ya ce ya ba shi kunu kaɗan da magariba saboda yana kukan yunwa. An yi masa gargaɗi. 5:00, an samu jijiya, ruwa ya ci gaba. 6:00, yana barci sosai. Zafi 38.7, bugu 118, jini 98 bisa 60, numfashi 24, oksijin 94. Fitsari mililita 160. Robar ciki ta fitar da 180, launin ya koma kore-kore. Ciki ya ƙara kumbura. An ba shi filajil. An sake kiran likita 6:10, ya ce zai zo idan ya fito.”

Babu ƙarya a wannan rubutu, kuma ba a bar wani awo ba a yi ba. Amma a karanta shi da baki kamar yadda yake, a gaban mutum huɗu masu tunanin gado na gaba: sai an wuce sauro da zanin gado kafin a iso ga abin da zai iya kashe mutumin, lokacin kuwa hankalin masu sauraro ya rabu.

Abu na farko da gwanar nas ke yi shi ne karanta rubutun daga ƙasa zuwa sama. Layin ƙarshe shi ne halin yanzu, kuma daga nan S ke fitowa. Wanda ya zo sanar da gobara ba ya fara da labarin yadda aka gina gidan. S jimla biyu ce ko uku: wane ne, me ke damunsa a wannan lokaci, kuma yaya girman damuwar. A nan ake faɗin cikakken suna da lambar fayil, ba lambar gado kaɗai ba, domin ana sauya wa majinyata gado cikin dare, kuma a ɗaki ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya har uku. Saboda haka ne ma wasu asibitoci suka ƙara harafi a gaba, suke cewa ISBAR, inda mai magana za ta fara da faɗin ko ita wace ce da kuma wanda take magana a kansa.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin, shi ne ciro awon da ke warwatse a jera su kusa da juna. Bugun zuciya 92, sai 104, sai 118. Awon jini na sama 122, sai 110, sai 98. Numfashi 18, 22, 24. Zafin jiki 37.6, 38.1, 38.7. Kowanne shi kaɗai ana iya samar masa uzuri. Wanda aka yi wa tiyata kan yi ɗan zazzaɓi, mai jin ciwo zuciyarsa kan yi sauri, mai barci jininsa kan sauka. Amma da an jera su sai a ga abin da layin agogo ya ɓoye: cikin awa takwas bugu na hawa, jini na sauka, har sun gitta juna, bugun ya haura lambar jinin ta sama. A jikin babba mai lafiya akasin haka ake gani. Idan suka gitta, alama ce jiki na fafutikar tura jini, kuma ya fara gazawa. Shi ya sa a wajen miƙa aiki ba a cewa “bugu 118” a tsaya. Ana cewa “daga 92 zuwa 118 cikin awa takwas”.

Fitsarin ma sai an yi masa lissafi kafin ya yi magana. Mililita 160 ba ta nuna komai sai an san tsawon lokacin da ta taru, kuma sa’ar da aka yi ita ce nas ɗin ta rubuta cewa ta zubar da ledar ƙarfe goma. Ke nan 160 a awa takwas, wato 20 a kowace awa. Ƙa’idar da ake bi ga babba ita ce kada fitsari ya gaza rabin mililita ga kowane kilo na nauyinsa a awa guda. Mai kilo 60 ana sa ran aƙalla 30 a awa, 240 a awa takwas. Mutumin nan ya gaza da kashi ɗaya cikin uku. Da ba a rubuta lokacin zubarwar ba, da gaskiyar da za a faɗa ita ce ba a san tun yaushe fitsarin ke taruwa ba, kuma faɗin hakan ya fi ƙirƙiro lokaci.

Asibitocin da ke amfani da makin gargaɗi suna da hanyar taƙaita duk wannan a lamba guda. Tsarin NEWS2, wanda Kwalejin Likitoci ta Masarautar Birtaniya ta fitar a 2017, yana ba kowane awo maki daga sifili zuwa uku, a tara. Maki biyar na nufin a nemi likita da gaggawa, bakwai zuwa sama kuwa ta-ɓaci ne. Idan aka lissafa na mutuminmu, ƙarfe goma makinsa ɗaya ne, ƙarfe biyu ya kai biyar, ƙarfe shida ya kai takwas. Wato tun ƙarfe biyun dare ya cancanci a tsaya a kansa har sai wani likita ya zo, ko da wanda ke bakin aiki yana tiyata. Wannan abu ne da jera awo ke tonawa, kuma ba don a kama wani da laifi ake yi ba. Nas guda da ke riƙe da ɗaki cike cikin dare ba kasafai take samun sararin waiwayar awon da ta yi awa huɗu da suka wuce ba.

Sai B, inda aka fi yin ɓarna ta hanya biyu: ko a kwashe tarihin mutum tun daga ranar da ya zo asibiti, ko a bar abin da ke da muhimmanci saboda an ɗauka kowa ya sani. Ma’aunin tacewa guda ne. A tambayi kowane layi: wannan zai canza abin da mai karɓar aiki za ta yi? Sauro da zanin gado ba za su canza komai ba, sai su zauna a littafi. Seftiriyazon da ba a ba shi ba zai canza, domin mai fama da ƙwayar cuta a ciki ya tsallake maganinsa. Awa huɗu ba ƙarin ruwa zai canza, domin mutum ne da aka hana ci da sha, ruwan nan shi ne abin shansa kaf. Kunun ƙanensa ma dole ya shiga. A rubuce yana layin 3:30, amma da magariba aka sha shi, kafin duk awon ya fara lalacewa, don haka a bayani sai a mayar da shi lokacin da ya faru, ba lokacin da aka ji labarinsa ba.

Akwai kuma abin da rubutun bai faɗa ba. Babu maganar ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. Shirun rubutu ba shaida ba ce cewa babu, sai an buɗe fayil an duba. Haka kalmar nan “yana barci sosai”. Ga mai karatu cikin sauri labari ne mai daɗi, majinyaci ya samu hutu. Amma mutumin da zafinsa ya kai 38.7 kuma jininsa ke sauka, barcin nasa yana iya zama galabaita ko gushewar hankali. Ba za a iya sanin wanne ne daga takarda ba. Nas za ta koma bakin gadon ta kira sunansa, ta ga ko ya buɗe ido, ko ya san inda yake, ta sake awo tunda na ƙarfe shida ya fara tsufa, sannan ta faɗi abin da ta gani tare da lokacinsa. Doka ce da nake ganin ba ta da sassauci: wajen juya rubutu zuwa SBAR ana rage magana, ana sake jeri, ana yin lissafi, amma ba a cike gurbi da zato. Abin da ba a auna ba, a ce ba a auna ba.

Ga yadda bayanin zai fita daga bakinta ƙarfe bakwai, bayan ta faɗi suna da lambar fayil:

“Sista, wannan shi ne wanda ya fi damuna a ɗakin nan. Jikinsa na ta lalacewa tun ƙarfe biyu. Ƙarfe 6:45 na sake auna shi, bugu 120, jini 96 bisa 60, makinsa takwas. Na tashe shi ya amsa, ya san inda yake, amma a galabaice yake. Likita bai gan shi ba tukuna.

“Yau kwanansa huɗu da tiyatar hanjin da taifod ya huda. An hana shi ci da sha, amma ƙanensa ya ba shi kunu jiya da magariba. Seftiriyazon na daren jiya bai samu ba, ba a kawo ba. Filajil ya samu duka biyun. Ruwansa ya tsaya daga ƙarfe ɗaya zuwa biyar, yanzu yana tafiya. Na duba fayil, babu maganin da jikinsa ba ya so.

“Daga goma zuwa shida bugu ya tashi daga 92 zuwa 118, jini ya sauka daga 122 zuwa 98, zafi daga 37.6 zuwa 38.7, numfashi daga 18 zuwa 24, oksijin daga 97 zuwa 94. Fitsari 160 a awa takwas, ya kamata ya kai 240. Robar ciki ta ba da 180, launin ya koma kore-kore, ciki ya ƙara kumbura. Ƙarancin ruwa na iya rage fitsari, amma ba zai canza launin ruwan ciki ba. Ina zargin ɗinkin hanjin na yoyo, cuta ta fara shiga jini.

“A kira babban likitan tiyata yanzu, kada a jira na ɗakin tiyata ya fito. A riƙa auna shi kowane minti goma sha biyar, fitsari kowace awa. A nemo seftiriyazon ɗin yanzu. Kada a zubar da ruwan robar sai likita ya gani. Idan ya zo a tambaye shi batun ƙara ruwa da gwajin jini da oksijin. A sake ja wa ’yan uwa kunne kada komai ya shiga bakinsa.”

Wannan bai wuce minti ɗaya da rabi ba. A lura da sashe na uku, inda ta raba abin da ta gani da abin da take zargi. “Launin ya koma kore-kore” gani ne. “Ina zargin ɗinkin na yoyo” nazari ne, kuma ta yi masa alama da kalmar zargi. Ba aikin nas ba ne yanke hukuncin cuta, amma aikinta ne ta faɗi inda alamomin suka dosa. Ko da ba ta da wani zato, tana iya cewa ba ta san abin da ke faruwa ba amma mutumin na ƙara tsanani, kuma wannan ma nazari ne cikakke. Abin da ba nazari ba shi ne “yana nan dai” ko “da sauƙi”, kalmomin da mu Hausawa kan faɗa ko da mutum na bakin mutuwa, domin haka ladabin gaida marar lafiya ya koya mana. A zaure wannan tarbiyya ce. A wajen miƙa aiki kuwa tana iya sa a tsallake gadon da ya kamata a fara da shi.

Sashe na huɗu shi ne wanda aka fi yankewa, kuma na fahimci dalili. Ƙaramar nas da ta fito makaranta bara tana jin nauyin ta dubi wadda ta girme ta, balle likita, ta ce a yi kaza. Sai ta zube awo ta yi shiru, tana fatan za a gane. Tsarin an gina shi ne daidai don wannan nauyin: idan kowa a ɗakin ya san cewa bayani ba ya cika sai an faɗi buƙata, faɗin ba zai zama rashin kunya ba, cika ƙa’ida ne. Kuma buƙatar sai ta zo da wane ne zai yi, me zai yi, yaushe. “A sa masa ido” ba buƙata ba ce, domin babu wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba. “A auna shi kowane minti goma sha biyar” ana iya dubawa a takarda.

Tsarin na da iyakarsa. Asalinsa don saƙon gaggawa a kan matsala guda aka yi shi, kuma wani bita na bincike-bincike da mujallar BMJ Open ta buga a 2018 ya samu cewa hujjar amfaninsa matsakaiciya ce, ta fi ƙarfi a wajen kiran likita ta waya. Miƙa ɗaki gaba ɗaya ya ƙunshi abubuwan da ba su da gurbi bayyananne a haruffa huɗun: wanda ke jiran sakamakon gwaji, wanda za a juya don kada bayansa ya yi gyambo, ƙirgen magungunan da ake kullewa. Waɗannan sai an haɗa da takardar magani da jadawalin awo a hannu. Ga wanda jikinsa ke lafiya lau, jimla ɗaya a kowane harafi ta isa, ba sai an ja ba. Haka kuma SBAR ba ya maye gurbin rubutun dare. Rubutun yana nan yadda yake, ba a gogewa, ba a gyara shi ya dace da abin da aka gano daga baya. Idan akwai ƙari, sai a rubuta shi a ƙasa da lokacinsa da sa hannu. Kuma mai maki takwas ba a ajiye labarinsa sai ƙarfe bakwai. Irin wannan bayanin ne ya kamata babban likita ya ji ta waya tun cikin dare.

Masu jinya ma suna da hannu a ciki. Kunun nan bai shiga bayani ba sai da ƙanen ya faɗi gaskiya. Wanda ya ba marar lafiya wani abu, ko jiƙo ne ko rubutu ko maganin kemis, ko ya ga ya fara sambatu cikin dare, ya gaya wa nas kafin ta miƙa aiki, ya kuma faɗi lokacin.

Bayani ba ya ƙarewa da shirun mai bayarwa. Mai karɓa za ta maimaita buƙatun da bakinta: “Na ji, Sista. Babban likita yanzu, awo kowane minti goma sha biyar, fitsari kowace awa, seftiriyazon, ba a zubar da ruwan robar ba.” A nan ake kama kuskuren ji, kamar a ce sha biyar a ji hamsin. Sannan su biyun su je bakin gadon tare, su duba kanular, su duba launin ruwan robar da idonsu, su rubuta lokacin da aka miƙa aikin, kowacce ta sa hannu, ta safe ta ɗauki waya.